CV ɗaya, sanarwa biyu: yadda ake karanta kalmomin masu ɗaukar aiki

*Assalamu alaikum Yaya. Shekarata shida ina sitokifa a wani mustauda na kayan abinci a Khumra, nan Jidda. Wata huɗu ke nan ina tura CV a Bayt da LinkedIn, na tura ya fi sau hamsin, ko kira ɗaya ban samu ba. Ana ce mini in riƙa gyara shi daidai da kalmomin kowace sanarwa. Yaya ake yin haka ba tare da mutum ya yi ƙarya ba? Ga CV ɗin nan na haɗo maka da sanarwa biyu da nake son nema.*

Wa alaikumus salam ƙanena. Na karanta takardunka uku, kuma zan fara da abin da na gani daga kujerar da na daɗe a kai, wato kujerar mai tace masu neman aiki a wani kamfanin rarraba kaya a nan Jidda. Idan muka fitar da sanarwa ɗaya ta aikin mustauda, kafin kwana uku an tara mana takardu ɗaruruwa. Babu mai buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Duk suna shiga wata manhaja da ake kira ATS, irin su Workday ko Taleo ko SuccessFactors, ko kuma rumbun Bayt ɗin kansa. Mutane da yawa suna ɗauka wai manhajar ce take karantawa ta yanke hukunci. A yawancin wuraren da na sani, aikinta adanawa ne da bincikowa. Ni ne nake zama in rubuta a akwatin bincike abin da mudirin mustauda ya ce lallai yana so, misali:

```
("inventory controller" OR storekeeper) AND FEFO AND Jeddah
```

Wanda waɗannan kalmomi suke cikin takardarsa sai ya fito a gabana. Wanda ba su ciki yana nan kwance a rumbu, ba a ƙi shi ba, ba a dai gan shi ba. Kai kuma na duba CV ɗinka daga sama har ƙasa, babu FEFO ko sau ɗaya, alhali mutumin da ya yi shekara shida yana fitar da madara da man girki da tumatirin gwangwani, kullum aikinsa ke nan: fara fitar da kayan da wa'adinsu ya fi kusa ƙarewa. Ka yi aikin, sunansa ne ba ka rubuta ba. Abin da ka rubuta shi ne "Responsible for all warehouse activities". Wannan jimla ta rufe komai, kuma ba ta nuna komai ba.

To bari mu ɗauki sanarwarka ta farko, ta Inventory Controller a kamfanin rarraba abinci. Ka kwafe ta gaba ɗaya ka ajiye a wayarka ko ka buga ta a takarda, domin sau da yawa ana sauke sanarwa kafin a kira mutum mugabala, sai ya rasa abin da zai duba. Sannan ka karanta ta sau biyu da biro a hannu. Kalmomin da ke cikinta ba darajarsu ɗaya ba, kuma a nan ne mutane suke ɓata lokacinsu.

Akwai kalmomin ƙofa. Su ne sharuɗɗan da ko kana da su ko ba ka da su: shekarun ƙwarewa, takardar shaida, gari, lasisin tuƙi, da matsayin igama. A taka an rubuta "minimum 4 years" da "transferable iqama" da "based in Jeddah". Duka ukun kana da su, amma a CV ɗinka maganar igama tana can ƙasan shafi na biyu, bayan jerin abubuwan da kake sha'awa. Ka ɗauko ta ka dawo da ita layi na uku daga sama, kusa da lambar waya, ka rubuta ta da lafazinsu. Mu mutanen nan mun saba cewa nagal kafala, a Qiwa kuma ana ce masa sauya hidima, amma mai binciken abin da ya rubuta a sanarwa shi zai nema. Irin waɗannan kalmomi su ne kuma suke dawowa a matsayin tambayoyin e ko a'a lokacin da kake cike fom, kuma a nan ne manhaja takan kore mutum da kanta, idan amsarsa ta saɓa da sharaɗin da aka saka mata.

Cikin kalmomin ƙofa akwai wadda babu gyaran da zai buɗe ta, gara in faɗa maka ita tun yanzu. Idan ka ga "Saudi nationals only" ko للسعوديين فقط, ka wuce. Tun da aka kawo tsarin Niɗaƙat a 2011 ake ƙididdige wa kamfanoni yawan 'yan ƙasa da ke cikinsu, kuma akwai sana'o'in da aka ware musu kacokan, kamar fiton kaya daga kwastan, wasu kuma aka ware musu kaso, kamar sayen kaya na kamfani. Na lura cikin jerin wuraren da ka ce ka nema akwai na sayen kaya da dama. Haihuwarka a Jidda da Larabcinka na gida ba za su sauya launin igama ba a idon wannan lissafi. Ina jin zafin wannan magana, don na ga yaranmu da aka haifa a Karantina da Hindawiyya sun fi wasu iya aikin nesa ba kusa ba, amma ɓata wata guda kana gyara takarda don ƙofar da aka kulle asara ce.

Sai kalmomin sana'a, waɗanda su ne ainihin aikin da ke gabanmu. Ana gane masu nauyi a cikinsu ta hanya uku: wadda ta fito a sunan aikin, wadda aka maimaita, da wadda ta zo a layuka ukun farko na jerin ayyuka. Mai rubuta sanarwa yakan fara da abin da yake ci masa tuwo a ƙwarya. A taka, "stock accuracy" ta fito sau uku, "cycle count" sau biyu, FEFO da "near-expiry" suna layi na biyu. Ko ba a gaya mini ba, na san abin da ke damun wannan kamfani: abin da ke kwamfuta ba ya daidaita da abin da ke kan kanta, kuma kaya suna lalace musu a ajiye. Mutumin da zai tsayar da wannan asara suke nema. Da zarar ka gane ciwon, ka san abin da za ka ɗora a sama.

Sauran kuma ciko ne: "team player", "hard-working", "excellent communication skills". Ban taɓa rubuta ɗaya daga cikinsu a akwatin bincike ba, ban kuma ga wanda ya yi ba. Kai kuwa ka ba su layi shida. Ka goge su, ka samu fili.

Yanzu ga inda tambayarka ta ƙarya take shigowa. Ka raba takarda gida biyu. A hagu ka jera kalmomin sana'ar nan, bai kamata su wuce takwas zuwa goma ba. A dama, daura da kowace, ka rubuta da Hausa ko Larabci abin da ka taɓa yi da hannunka wanda ya yi daidai da ita, da yawansa da lokacinsa. Duk kalmar da damanta ya cika, halal ɗinka ce, ka saka ta. Wadda damanta ya zauna fayau, ba taka ba ce.

Na gwada maka da abin da ka gaya mini a saƙonka na biyu. Ka ce duk ranar Alhamis kuna ƙirga layi biyu ko uku na kanta, ba ku jiran jardin ƙarshen shekara. Wannan shi ne "cycle count", ba wani abu ba. Ka ce kayan da ke hannunka sun kai iri 1,800, kuma lokacin da ka karɓi mustaudan ana samun saɓani a kusan iri 90 duk ƙirga, yanzu bai wuce 20 ba. Ka ce kai ka fara manna jar takarda a kan duk kwalin da ya rage masa kwana 90, kana tura jerinsu ga masu sayarwa duk farkon wata. To jimlarka ɗaya da ta rufe komai sai ta koma biyu:

"Ran weekly cycle counts on 1,800 SKUs, improved stock accuracy by cutting variances from about 90 items to under 20."

"Applied FEFO on all dispatches and sent a monthly near-expiry report (90 days) to the sales team."

Dubi abin da ya faru. Kalmomi huɗu mafi nauyi na sanarwar duk sun shiga, kowace tana ɗauke da hujjarta, kuma babu harafi ɗaya da ba ka yi ba. Bincike zai fito da kai saboda kalmar, ni kuma da na buɗe zan tsaya saboda lambar. Wannan ya fi a jera kalmomin a wani akwati a ƙasa babu abin da ya tallafe su. Akwatin ƙwarewa yana da amfaninsa, ka bar shi, amma duk abin da ke cikinsa ya zama ana iya samun sawunsa a cikin bayanin aikin da ka yi. Lambobin kuma su zama waɗanda za ka iya karewa. Idan ba ka da tabbacin adadi, ka ce kusan kaza, kada ka zagaye shi ya yi kyau.

Akwai kalma ɗaya a sanarwar da damanta bai cika ba: SAP MM, wata manhajar lissafin kayan mustauda. Ku kuwa da wata manhajar, Odoo, kuke aiki. Kada ka rubuta SAP, ko da wani ya ce maka ai duk ɗaya ne. Na taɓa zama a mugabala da wani bawan Allah da ya rubuta shekara uku a SAP. Mudirin mustauda ya juyo masa da kwamfuta ya ce ya shigar da karɓar kaya. Wanda ya yi ko sati biyu a kai ya san MIGO zai buga. Mutumin ya kafa wa allon ido, ya share zufa, ya ce nasu daban ne. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, ƙwarewarsa ta gaskiya ta isa a ɗauke shi, amma daga wannan minti babu wanda ya ƙara yarda da sauran abin da ke takardar. Kai ka duba yadda aka rubuta sharaɗin. A taka cewa aka yi "SAP MM preferred", wato an fi so, ba dole ba. Sai ka rubuta "ERP: Odoo (Inventory, Purchase)", ka nuna kana shigar da takardar karɓar kaya, wadda suke kira GRN, da sauya kaya tsakanin rassa. Kalmar ERP ita ce uwar da ta haɗa su, kuma masu bincike da yawa da ita suke farawa. Da "required" aka rubuta, da na ce ka auna ko ya cancanci lokacinka.

Sunan aikinka ma kada ka taɓa shi. Kwantiraginka na Qiwa yana ɗauke da suna, haka shahadar hibra da doka ta 64 ta dokar ƙwadago ta wajabta wa mai kamfani ya ba ka idan kun rabu. Idan can an ce Storekeeper, nan ma ka bar shi Storekeeper. Wurin da kake da 'yanci shi ne layin da ke ƙarƙashin sunanka da gajeren bayanin layi uku na sama. A can za ka iya cewa "Storekeeper with 6 years in inventory control, FMCG food distribution". Kalmar da suke nema ta shiga, kuma gaskiya ce.

Sanarwa ta biyu, ta Logistics Coordinator, ita ce za ta nuna maka dalilin da ya sa takarda ɗaya ba ta isa. Mutum ɗaya ne, mustauda ɗaya, shekaru shidan nan dai, amma ciwon wannan kamfani daban ne. Kalmominsu su ne "inbound containers", "FASAH", "demurrage", "transporters" da "delivery scheduling". Su kwantena ce take kwana musu a tashar jiragen ruwa ta Jidda ana caje su kuɗin jinkiri. Ƙirgar Alhamis ba ta dame su ba. A CV ɗinka kuwa babu kalmar kwantena ko ɗaya, sai da na tambaye ka sannan ka ce ai kai kake karɓar guda 12 zuwa 15 duk wata, kai kake waya da direbobin tirela, kai kake matsa wa a sauke a mayar da fanko kafin kwanakin kyauta su ƙare. Ga wannan sanarwa, wannan shi ne zai hau sama, jimlolin ƙirga su sauko na huɗu da na biyar, a taƙaice. FASAH kuma, wato dandalin intanet da ake fiton kaya daga kwastan ta cikinsa, sai ka yi hankali: ka ce mai fiton kamfaninku ne yake shiga, kai kana bin sawu ne ka tura mota. To ka rubuta hakan, "coordinated with the customs broker on FASAH clearance and truck appointments". Kalmar ta shiga a matsayinta na gaskiya, kuma ba ka yi da'awar sana'ar da ba a ma yarda baƙo ya yi ba.

Ka ga ke nan abin da ake sauyawa kaɗan ne: layin ƙarƙashin suna, bayanin sama, jerin jimlolin aikinka na yanzu da wanda ya fara zuwa, da akwatin ƙwarewa. Kwanan wata, sunayen kamfanoni, sunan aiki da karatu ba sa motsi. Don kada ka riƙa farawa daga tushe kullum, ka yi uwar CV guda, ko ta kai shafi huɗu, wadda ba a tura wa kowa. A cikinta ka zuba duk abin da ka taɓa yi, jimla ashirin ko talatin, kowace da lambarta. Idan sanarwa ta zo sai ka tsinto shida ko bakwai da suka dace, ka daidaita lafazinsu. Karon farko zai ci maka yamma guda. Daga baya minti ashirin ya isa. Kowane kwafi ka sa masa sunanka da sunan aikin, ka ajiye shi tare da sanarwarsa, domin ranar da aka kira ka dole ka san wanne ne a hannun mai tambaya.

Lafazi yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato, saboda binciken wasu manhajojin harafi yake bi, ba ma'ana ba. Idan sun ce "stock reconciliation" kai ka ce "stock checking", mai yiwuwa ba za ku haɗu ba. Gajerun sunaye kuma ka rubuta su da cikakkensu sau ɗaya, kamar "Goods Received Note (GRN)", don ba ka san wanne za a buga ba. Idan sanarwar da Larabci take, kamar yadda ƙananan mu'assasoshi da yawa suke yi, ka tura ta Larabci, ka kuma lura ko أمين مستودع suka ce ko مراقب مخزون, don ba aiki ɗaya ba ne a wurinsu. Kada ka cusa harsuna biyu a shafi ɗaya gefe da gefe, yana rikita manhaja.

Wannan ya kawo ni ga siffar takardarka. An yi maka ita da kyau, ginshiƙi biyu, da 'yan taurari masu nuna ƙarfin Turancinka, da lambar waya a cikin hoto. Ido yana so, manhaja ba ta so. Ka gwada da kanka: buɗe PDF ɗin, zaɓi duka rubutun, kwafa, ka liƙa a Notepad. Abin da ka gani a can shi ne kusan abin da manhaja take gani. Na yi da naka, sai ga sunan makarantarka ya faɗo tsakiyar bayanin aiki, lambar wayar kuma babu ita sam. Ka mayar da shi ginshiƙi ɗaya a Word, da kanun da kowa ya sani, Experience da Education da Skills. Dabarar nan da wasu masu buga takardu suke koya wa mutane, ta liƙa sanarwar gaba ɗaya da farin rubutu a ƙasan shafi, ka nisance ta. Manhaja tana zare launi ta nuna mini rubutun tsirara, kuma duk wanda na kama da ita a nan nake rufe takardarsa.

Bayan ka gyara, yadda amsa take zuwa zai nuna maka inda matsala ta rage. Idan saƙon ban haƙuri ya iso cikin mintuna ko 'yan awoyi, mutum bai gani ba, tambayar ƙofa ce ta kore ka, sai ka koma ka duba abin da ka amsa a kan igama, shekaru, ko albashin da ka nema. Idan shiru ne na makonni, ko bincike bai fito da kai ba, ko kuma ka makara, don sau da yawa a kwanakin farko ake tsintar waɗanda za a kira. A Bayt da LinkedIn wani lokaci ana nuna maka ko an buɗe takardarka; idan ana buɗewa ba a kira, kalmomin sun yi aiki, hujjar ce ba ta gamsar ba, sai ka koma kan lambobinka. Idan kuwa ana kiranka minti biyar a waya sannan a ɓace, to akwai abin da takarda ta faɗa wanda bakinka bai iya tsaya masa ba, ko kuma maganar nagal ce da wa'adin da za ka ba kafilinka.

Cikin biyun nan, ka fara da ta Inventory Controller yau ɗin nan, don kalmomi takwas cikin tara da na ja wa layi kana da hujjarsu, kuma kwana biyu kacal da fitowarta. Ta biyun biyar cikin tara ne, ka tura ta gobe bayan ka nemo adadin kwantenonin bara daga littafin karɓar kaya. In ka gama ta farkon, turo mini ita tare da abin da ya fito a Notepad in duba kafin ka aika.